Shawarar Mai Gadi

Da hayar gidan da Baba ya bar mini a unguwar Shubra nake biyan makarantar 'yata. Da yarjejeniya ta kusa ƙarewa, Amm Subhi mai gadi ya ce in ninka hayar, ta koma fam dubu takwas. Na kasa, don shekara huɗu Madam Nagwa da ke haya a gidan ba ta taɓa jinkirta biya ba. Na je in ce mata dubu biyar, sai na tarar da kaya a ɗaure.

"Madam, ina zuwa?"

"Ba ninkawa za ki yi ba? Amm Subhi ya faɗa mini, har ya samo mini wani gida."

Ashe la'ada biyu yake hari: tata, da ta sabon ɗan hayar da zai kawo mini.

"Kwance kayanki, 'yar'uwa. Dubu huɗu da rabi."