Jan Zare Uku

Takardar da Auta ya ajiye wa Yaya a kan keken ɗinki ta tsufa har ta koma ruwan ƙasa. Tarihin Baba ne, wanda ya rubuta da kansa shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da ƙungiyar masu gyaran kujeru ta buga ɗan littafin membobinta. Layi goma sha huɗu ne kacal, amma kowane layi sai an ga "ni" ko "na" a cikinsa.

"Yaya, taimaka ki mayar mana da shi na gida," in ji Auta. "Mai haɗa mana shafin intanet ya ce saura gurbin 'Game da Mu'. Kalma ɗari yake so. Wai a wurin shago ne ke magana, ba mutum ɗaya ba."

"Kai da ka yi digiri?"

"Digirina bai san shekarun ba. Ke kika sani."

Ta harare shi, amma har cikin ranta ta ji daɗi. Shekara ashirin da biyu tana kan wannan keken, tsakanin tulin soso da ƙurar yadi, kuma har gobe in baƙo ya shigo sai ya dube ta ya ce, "Ina masu shagon?" Baba hannunsa ya fara rawa, ƙusa ma ba ya iya riƙewa. Auta kuwa bara ya dawo, da kwamfutarsa da turarensa. To ga shi yau za a rubuta su waye masu shagon, kuma biron yana hannunta.

Da farko ta ɗauka aikin minti biyar ne, a cire "ni" da "na" a sa "mu" da "mun". Sai ta karanta abin da ya fito: "An haife mu a bayan kasuwa. Mun bar makaranta muna shekara goma sha uku." Ta yi dariya ita kaɗai, ta yage abin da ta rubuta. Ta sake zama, ta raba layukan gida uku. Abin da yake na Baba shi kaɗai ta mayar da shi labari: "Mahaifinmu ya buɗe shagon nan shekara talatin da biyar da suka wuce, da guduma ɗaya da keken aro." Abin da shago ke yi har yau ta sa masa "muna": muna canza soso, muna sake yadi da fata, muna ɗaure ƙafar da ta saki. Haihuwarsa da makarantarsa da ciwon bayan da ya yi kuwa, duk ta zubar da su, don mai yagaggiyar kujera ba wannan ya zo nema ba.

A layi na tara biron ya tsaya.

"Ni na fito da alamar jan zare uku da nake sawa a ƙarƙashin kowace kujera, don a san aikin hannuna."

Ta karanta sau uku. Ba ta taɓa buɗe littafin ƙungiyar ba, ba ta san haka ya rubuta ba. Tana shekara goma sha tara wani mai otal ya kawo musu kujerar da ta farke, ya rantse aikinsu ne, alhali ba nasu ba ne. Baba ya gyara kyauta yana haɗiyar takaici. Washegari ita ta ɗauko jan zare, ta yi ɗinki uku a jere ƙarƙashin kujerar da ta gama, ta ce daga yau a zo a yi musu ƙarya a gani. Baba har tsaki ya yi, ya ce ɓata lokaci ne. Tun ranar babu kujerar da ta fita ba tare da alamar ba, kuma babu hannun da ya taɓa yin ta sai nata.

Ranta ya ɓaci sosai, amma ta ce ba komai, yau ranar gyara ce. Ta rubuta: "Babbar 'yarsa, wadda ke riƙe da ɗinki shekara ashirin da biyu, ita ta fito da alamar jan zare uku."

Da rana ta karanta musu. Baba na kan bencinsa na bakin ƙofa, Auta na gefe da kwamfuta a cinya. Baba ya yi ta gyaɗa kai har aka zo wurin.

"Uwata, wannan layin fa?"

"Gaskiya ce, Baba."

"Ban ce ƙarya ba ce. Amma ba cewa kuka yi an daina 'ni' ba? Ni na haƙura da tawa, ke kuma ki shigo da taki ta taga?"

"Ai na sa naka, Baba. Ga shi a layin farko."

"Wannan kafa shago ne, dole a faɗa. Zare kuwa, zaren gida ne."

Auta ya gama bugawa a kwamfuta, ya sosa ƙeya. "Yaya, kalma ɗari da goma sha takwas ne. Dole a rage. In aka ce 'muna sa alamar jan zare uku', an wuce wurin. Kuma ai 'mu' ɗin har da ke."

Har da ita. Har da mai kawo soso ma in ya so, har da kyanwar da ke kwana a kan yadi. Ta duba fuskar Baba ko zai ce wani abu, ta ga yana kaɗe ƙura daga hularsa. Ta ce a goge. Auta ya goge, ya kuma cire wasu kalmomin, adadin ya sauko tamanin da tara.

"Yauwa, an sami wuri," in ji Baba. "Ƙara a ƙarshe: a yau ɗansa ne ke jagorantar shagon."

"Wannan ba 'ni' ba ce, Baba?"

"Haba Uwata. Mutane na son sanin wa za su nema in sun kira."

Auta bai ɗago kai ba. Kunya ta kama shi, ta ga alama, amma kunyar ba ta hana yatsunsa bugawa ba. Kalma casa'in da shida, mai haɗa shafi ya ce ya yi daidai.

Bayan mako biyu shafin ya hau. Auta ya nuna mata a waya: a can sama, kusa da sunan shago, ga jajayen layuka uku a jere, an mayar da su tambari. Ya yi kyau, ba za ta yi ƙarya ba. A ƙasa ga rubutunta, kalma bayan kalma, da uba da ɗa da wasu "mu" marasa fuska.

Ranar tana ƙarasa wata doguwar kujera ta asibiti. Ta kifa ta, ta zura jan zare a allura kamar kullum. Sai ga Auta da ƙaramin kwali, yana murmushi irin na wanda ya kawo tsaraba. Ya buɗe. 'Yan ƙyallaye ne farare, guda dubu, kowanne an buga masa layuka uku ja da adireshin shafin.

"Na hutar da ke, Yaya. Ƙusa biyu kawai, an gama. Yanzu kowa ma zai iya sawa."

Ya ɗauki ɗaya, ya ɗora daidai inda allurarta za ta shiga, ya buga. Ya ɗan karkace, bai lura ba. Baba ya leƙo daga benci ya ce ma sha Allah, alamarmu ta zama ta zamani.

Yaya ta zare jan zaren daga allura, ta naɗe shi a jikin ƙwaryarsa, ta jefa cikin aljihun keke inda take tara karyayyun allurai.