Kalma Ɗari Biyu da Hamsin

Ƙarfe uku da rabi Najaha ta liƙa rubutunta a shafin intanet na taron, sai jan layi ya fito a ƙasa: kalma 412, iyaka 250. Ta sake dubawa. Ƙarfe biyar daidai za a rufe karɓa.

Malamar jinya ce, shekara tara tana kula da yara masu tamowa a ƙarƙashin wata ƙungiya a Matameye. Wannan ne karon farko da za ta aika taƙaitaccen bayanin bincike, wanda suke kira rezume, zuwa taron masana lafiyar yara a Yamai. A takardar bara da aka ba ta, iyakar kalma ɗari biyar ce. Bana an rage, ba wanda ya lura.

Binciken kuwa nata ne tun tushe. Kullum a rahoto ana rubuta cewa iyaye mata na daina kawo yara awo saboda sakaci. Ita ta ga wani abu daban: ranar da babu kasuwa, babu mota, mace ba za ta taka kilomita goma da yaro a baya ba. Sai ta roƙa aka mayar da ranar awo ranar kasuwa a asibitocin karkara uku, aka bar wasu uku yadda suke. Wata goma sha biyu tana bin rajista.

Ta ɗauki ordinatar, wato kwamfutarta, ta nufi biron Dokter Hashimu, shugabanta, wanda sunansa ke biye da nata a kan aikin.

"Dokter, an samu matsala. Ɗari biyu da hamsin suke so."

Ya cire tabarau, ya jawo na'urar gabansa. "Kawo nan, Madam. Na yi irin wannan ya fi a ƙirga."

Ya yi ta sharewa da sauri. Najaha na tsaye, hannunta a kan kujera. Minti goma sha biyar ya juyo mata da allon. Ɗari biyu da arba'in da takwas.

Ta karanta. Gabatarwa tana nan cikakkiya, da tarihin tamowa a Sahel. Sakin layin horon da ya ba ma'aikatan sa-kai yana nan. Amma asibitoci ukun da ba a canja musu rana ba sun ɓace, adadin yaran ya ɓace, kuma a ƙarshe ya rubuta cewa aikin ya tabbatar da canjin rana yana magance matsalar.

"Dokter, asibitocin kwatanci fa?"

"Sun ci kalma talatin. A wurin taro sai ki faɗe su da baki."

"In babu su, mai dubawa zai ce ko damina ce ta yi kyau, ko abinci ya yi sauƙi. Ba zai san cewa a can ɗin ba abin da ya canja ba. Ba ma za mu kai wurin taron ba."

"To me za a cire?"

Fanka na juyawa a sama. Ta san amsar tun tana hanya, faɗar ce ke da nauyi. Shekara biyu ya yi yana yawo ƙauyukan Dungu da Yauri yana wannan horon, kuma shi ya tsaya mata aka yarda da canjin ranar.

"Horon, Dokter. Kalma sittin da ɗaya ne. An yi shi a duka shidan, saboda haka ba shi ya kawo bambancin ba."

Fuskarsa ta canja. "Wato aikina ne shara."

"Wallahi ba haka nake nufi ba. Aiki ne da ya isa rezume nasa shi kaɗai. Amma a nan tambaya ɗaya muka yi, amsa ɗaya za mu bayar."

Aka kira la'asar a masallacin bayan gida. Ya tashi, ya ɗauki buta. A bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Sunanki ne a farko. Yi yadda kika ga dama."

Ƙarfe huɗu da minti goma. Ta zauna a kujerar baƙi, ta buɗe tsohon rubutun mai 412. Wannan karon ba ta fara da sharewa ba. Ta ɗauki takarda ta rubuta abin da ba za a taɓa ba: tambayar, asibitoci uku da uku, yara 1,140, sakamakon, da abin da yake nufi. Sakamakon ta rubuta shi da lambobinsa: inda aka canja rana, masu daina zuwa sun sauka daga kashi 19 cikin ɗari zuwa 8, inda ba a canja ba, daga 18 zuwa 17.

Sannan ta koma kan sauran. Gabatarwa mai jimla biyar ta zama biyu, don duk wanda zai karanta ya san mene ne tamowa. Sunan manhajar lissafi ya fita. Sunayen ƙauyuka suka fita. Inda ta rubuta "an gudanar da nazari a kan" ta mayar "mun duba". Horon ya koma kalma bakwai a sashen hanyar aiki: duk asibitocin sun samu horo iri ɗaya. Ta cire "ya tabbatar", ta sa "yana nuna alamar", ta ƙara cewa ba da ƙuri'a aka zaɓi asibitocin ba. Wannan jimlar ta ci mata kalma tara, ta bar ta.

Ordinatar ta ce 250. Ta liƙa a shafin. Jan layi: 257.

Biyar saura minti goma sha huɗu. Ta ƙirga da yatsa, ta rikice, ta sake.

"Alamar kashi cikin ɗari ce," in ji Dokter Hashimu. Ba ta ji dawowarsa ba, yana tsaye a bayanta. "A Faransanci muna barin fili kafin ta, shafin yana ƙirga ta kalma guda. Haɗe ta da lambar. Adadin yaran ma kin raba shi da fili."

Ta haɗe. 252.

Ya sunkuya yana karantawa, leɓunansa na motsi. Ya kai kan layin horon, ya daɗe a wurin.

"A ƙarshe kin ce 'a wannan yanki namu'. Take ya riga ya faɗi wurin. Cire."

Ta cire. 248. Jan layin ya ɓace. Ta danna aikawa, da'irar ta yi ta juyawa, rezon intanet ya yi ƙasa ya dawo. Biyar saura huɗu saƙon karɓa ya shigo. Ta tashi ta yi alwala.

Kwana uku Dokter bai yi mata magana ba sai ta aiki, gaisuwa ma a taƙaice. Abin ya dame ta, har ta yi tunanin zuwa ba shi haƙuri, amma ta rasa a kan me.

Bayan mako shida amsa ta zo: an karɓa, za ta yi jawabi na minti goma. Ta buga takardar ta kai masa. Ya karanta har ƙasa, ya sa hannu a takardar izinin tafiya.

"Barka, Madam. Ranar Alhamis ki tara ma'aikata ki gwada a gabansu, ni zan riƙe agogo."