Layin Da Ba Shi Da Suna

Washegarin taron, Siddiƙa ta shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, ta baje takardun da ta cike jiya. Ita ce magatakardar ƙungiyar masu garka, wato lambu, ta garin Akokan, wadda yawancin mutanenta tsofaffin ma'aikatan ma'adini ne da matan waɗanda suka rasu. Tun da aka rufe ramin ƙarƙashin ƙasa, unguwar ta yi shiru. Da tsakar rana ba abin da ake ji sai ƙyauren wani gidan da masu shi suka koma Maraɗi, iska na buɗe shi tana rufewa.

Rubutun nata a hargitse yake, don yadda magana ta fito daga bakunan mutane haka ta zuba ta. Ga gardamar rabon ruwa, ga barkwancin Mano direba, ga sunaye a gefe da tsakiya. Ta ɗauko sabuwar takarda ta raba ta uku, kamar yadda ta saba: waɗanda suka halarta, abin da aka yanke, sai ayyuka, kowane da sunan mai yin sa da ranar da zai gama.

Kashi na farko ya ɗan ba ta wuya. Al'adar ƙungiyar ce, kafin a fara magana, shugaba ya kira sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a yi musu Fatiha. Jiya kuwa ana cikin kiran ne wasu suka yi ta shigowa a makare, sai sunayen rayayyu da na matattu suka cakuɗe a shafi guda. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tsincewa. Wanda ta gani da idonta ya shiga cikin mahalarta, wanda ya aiko da uzuri ya shiga ƙasa. A tsakiyar sunayen mamatan akwai wani gajeren layi da ta ja, ba harafi ko ɗaya. Wannan na Ramalan ne, mijinta. Tun yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma hannunta ma bai yarda ya rubuta shi ba.

Kashi na biyu bai daɗe ba. Surutu ya yi yawa, amma abin da aka tsayar biyu ne: rabon ruwa zai koma safe da yamma, kuma za a rufe tsohuwar rijiyar bakin hanya da murfin siminti, ban da tarkacen ƙarfen ma'adini da ba a san abin da ke jikinsa ba. Sauran duk hira ce, ta bar ta a tsohuwar takarda.

Rijiyar ta fi komai damun ta. Tana gefen garkar da mijinta ya bari, bakinta ya zaizaye har ya yi daidai da ƙasa, kuma ta nan yaran unguwar ke ratsewa zuwa lakwal, makarantar boko, har da ɗiyarta Ilham. Hutu ya kusa ƙarewa.

Ta zo kashi na uku. Gyaran injin ban ruwa: Alkassoum, kafin Juma'a. Ɗauko siminti: Mano, ranar Asabar. Sai rijiya. A takardar jiya ta rubuta, “Shugaba: wa zai tsaya a kai?” A ƙasa kuma, “Ku bar mini ita.” Gaban wannan maganar, inda sunan mai ita ya kamata ya zauna, gajeren layi ne kawai.

Ta daɗe tana kallon sa. Idan ba ta gane wanda ya yi magana ba, alamar tambaya take sawa, ga su nan har biyu a shafin. Layi irin wannan mutum ɗaya take ja wa.

Ta yafa mayafi ta nufi gidan shugaban ƙungiyar, Malam Halidu, ta same shi a zaure yana gyaran rediyo.

“Malam, wa ya ɗauki aikin rijiya?”

“Ai an ɗauka, Malama. An ce za a yi.”

“Na ji an ce. To wane ne shi ‘a’ ɗin? Ɗan wace unguwa ne, in rubuta sunansa?”

Halidu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. “Ke dai ba ki da dama. Mano ne mana. Daga wajen ƙofa muryar ta fito, can yake zaune.”

“Ka gan shi lokacin da ya faɗa?”

“Kaina yana ƙasa. Na dai ji ya yi tari, sannan ya ce a bar masa.” Ya ajiye rediyon. “Rubuta shi kawai, a wuce wurin.”

“Sai na ji daga bakinsa. In na ɗora wa mutum abin da bai ɗauka ba, takarda za ta ce an yi, rijiya kuma tana nan a buɗe.”

Ta ratsa ta cikin layin gidajen da babu kowa. Rairayi ya taru a bakin ƙofofi, rana ta take, inuwarta ta maƙale a ƙarƙashin ƙafafunta. Ta samu Mano a tasha, rabin jikinsa ƙarƙashin kamiyo, babbar motarsa ta kaya.

“Ni?” Ya fito yana goge hannu. “Haba yaya Siddiƙa, siminti na ɗauka, shi ma don kin tsare ni da ido sai da na faɗi rana. Na ce in sha Allahu, kika ce wannan ba kwanan wata ba ne. Rijiya kuwa Alkassoum ne. A bayana na ji shi.”

“Ka waiwaya?”

“In waiwaya su liƙa mini? Duk wanda ya ɗaga kai a taron nan sai ya tashi da kaya.” Ya yi dariya, sai kuma ya tsaya. “Amma fa bayana bango ne. Kujerar nan mai karyayyar ƙafa ce kawai a wurin.”

Ta san kujerar. A kanta mijinta ya saba zama kusa da ƙofa, don in tari ya taso masa ya fita ba tare da ya dami kowa ba.

Alkassoum, mutumin Ayar, yana garkarsa yana kwance injin. Ya saurare ta har ta gama, bai ɗago ba.

“Ba ni ba ne. Ni injin na ɗauka, kin rubuta.” Ya juya wani ƙarfe a hannunsa. “Rijiyar nan, mai shi ya karɓa.”

“Wane mai shi?”

“Taro na ƙarshe da ya zo, kafin ciwo ya kwantar da shi, shi ya ce ku bar mini. Lokacin ke ba ki fara rubutu ba. Kowa ya ce to. Ba wanda ya rubuta, ba wanda ya sa rana.” Sai yanzu ya dube ta. “Jiya na ji, na gane muryar. Kowa ya gane, Siddiƙa. Shi ya sa ba wanda ya juya.”

Iska ta kaɗa ganyen masara ta tsaya. Siddiƙa ta so ta ce tsofaffin ma'aikatan rami duk tarinsu iri ɗaya ne, kowa na iya yin sa. Amma ta tuna hannunta, wanda ya ja layin tun kafin ta yi tunani.

Maimakon gida, sai ta bi ta wajen rijiyar. Rabon ta da wurin tun takaba. Tana tsammanin ƙaya da tarkace, sai ta tarar an share kewayen tas. An jera duwatsu a gefe ɗaya na bakin, manya a ƙasa, ƙanana a tsakaninsu, yadda mai shirin ɗora murfi ke yi. Ɗaya gefen ba a taɓa ba, kamar mai aikin ya gaji ya zauna hutawa. Ba sawun kowa a rairayin sai nata.

Ta leƙa. Can ƙasa ruwan baƙi ne, ba ya motsi. Daga cikinsa, ko daga bayanta, ba ta iya rabewa ba, ta ji numfashi mai ƙugi irin wanda ta kwana da shi shekara da shekaru.

Ba ta gudu ba. Ta tsuguna, ta ɗora takardar a cinyarta, ta cire murfin bik ɗin da take rubutu da shi. Gaban aikin rijiya ta rubuta sunanta cikakke, harafi bayan harafi. A wurin wa'adi ta sa Lahadi, jajibirin komawa lakwal.

“Baban Ilham,” ta faɗa ba ta waiwaya ba, “ba ka cikin mahalarta. Wanda bai halarta ba, ba a ɗora masa aiki. Na karɓa. Ga shi na rubuta, har da rana.”

Wani ɗan dutse ya zame daga bakin rijiyar, ta jira ta ji faɗuwarsa cikin ruwa, ba ta ji ba.

Da la'asar ta kai wa Malam Halidu takardar ya sa hannu. Ya karanta a hankali, yatsansa na bin layi. Da ya zo kan sunanta ya tsaya.

“Ke? Mace da zuba siminti?”

“Ban ce ni zan zuba ba. Ni za a tambaya in ba a zuba ba. Kai da Mano da Alkassoum ku zo da shebur.”

Ya sa hannu. Bai tambaye ta wanda ya yi maganar jiya ba.

Ranar Lahadi aka ɗora murfin. Mano, wanda bakinsa ba ya hutawa, da ya ga jerin duwatsun sai ya yi bismilla ya ci gaba daga inda aka tsaya, ba barkwanci ko ɗaya. Murfin ya zauna daram. Washegari Siddiƙa ta tsaya daga nesa tana kallon yara na wucewa, Ilham a cikinsu, wani ma ya hau kan simintin ya yi tsalle ya dira.

A taro na gaba, bayan Fatiha, ta karanta ayyukan da aka gama. Da aka zo sabon aiki, na gyaran shinge, Malam Halidu ya ce, “Wa zai tsaya a kai?” Kowa ya sunkuyar da kai, kamar kullum. Siddiƙa ta riƙe bik a saman takarda, kunnenta na wajen ƙofa. Ba tari, ba murya. Shirun ya yi tsawo har Mano ya yi tsaki.

“To, ni. Amma sai bayan kasuwa.”

“Wace rana?” in ji ta.

Da ta koma gida ta bi shafukan ranar tun daga farko har ƙarshe, ta sake bi. Gajeren layin sau ɗaya ya fito, a tsakiyar sunayen waɗanda aka yi wa Fatiha.