Filin Zaliha na Hanyar Bambeye

Shekara huɗu Zaliha, malamar firamare a Tawa, tana biyan fili a hanyar Bambeye. Ranar biyar ga kowane wata kamfanin filayen yake cire jika ashirin na sefa daga asusunta na banki, da izinin da ta sa wa hannu. Saura wata takwas ta gama sai ciwo ya kwantar da innarta, albashi ya kasa ɗaukar magani da fili tare.

A gidan suna ta ga Attahir, ƙanen mijinta, wanda yake aiki a kamfanin. Ta ja shi gefe ta ce tana so ta dakata wata huɗu.

"Haba matar yaya, wanga har wani abu na?" in ji shi, bakinsa cike da nama. "Ki tsaida, ni ina nan."

Washegari ta kai wa banki takardar janye izinin. Ma'aikaciyar, Raƙiya, ta karanta ta ɗago kai.

"Madam, mu kuɗɗi kawai muka tsaidawa, yarjejeniyarku da su tana nan. Kin rubuta musu tukuna? Ki kai musu takarda, su amsa miki a rubuce, su buga hatimi, sannan ki dawo."

Ran Zaliha ya ɓaci. Ta nemi hatimi wurin yaron da ta yi wa wanki shekara uku yana makaranta? Ai cin fuska ne. Ta ce an riga an yi magana. Raƙiya ta karɓa, kuma banki ya yi aikinsa tsaf: ko dala ba ta ƙara fita ba.

Da Inna ta miƙe bayan wata huɗu, Zaliha ta tafi kamfani a ci gaba da cirewa. Shugaban ya buɗe yarjejeniyar ya ɗora yatsa: wata uku a jere ba biya, ba takardar neman jinkiri, fili ya koma hannunsu. Sun aika gargaɗi tsohuwar makarantarta ta Affala, adireshin da ta ba su tun farko. Filin an sayar. Za a mayar mata da kuɗinta bayan an zare kuɗin tara, kuɗin da yanzu ko rabin fili ba za su saya ba.

Aka kira Attahir. Wai abin da ya tuna kawai sun gaisa a gidan suna. Zaliha tana jin haushin Attahir har yau, domin ko sunkuyar da kai bai yi ba.

Zaliha ta kasa gaya wa Inna. Ranar Juma'a tsohuwar ta matsa sai an kai ta ta ga wurin, tun da Allah ya ba ta ƙafa. Suka tarar an kafa harsashi, bulo jere har gwiwa.

"Ashe har kin hwara gini kinka ɓoye min!" in ji Inna. Ta dafa bulon da hannu biyu ta yi ta sa wa gidan albarka, tana roƙon Allah ya zaunar da mai shi lafiya har tsufa.

Zaliha ta ce amin.