Bandejin Baba

Mijina bai taɓa taka makarantar injiniyoyi ba, amma kowa a layinmu Injiniya yake kiransa, saboda shekara tara da suka wuce ya buga wa fankar falo mari ta ci gaba da juyawa. Tun daga ranar babu abin da ya lalace a gidan nan da bai san ciwonsa ba tun kafin ya duba. Dubawar ma a wajensa raini ne.

To sai masan banɗakin tsakar gida ya fara iskanci. Ka ja ruwa, ya ɗan zuro ta baya kamar mai jin kunya, ya zagaya sau ɗaya cikin kasala, ya bar maka abinka a inda ka ajiye. Kafin ruwan cikin kwanon ya dawo daidai inda yake tsayawa kuwa, ka gama wanke hannu ka gaji da tsayuwa. Injiniya ya tsaya daga bakin ƙofa, hannu a aljihu, ya yanke hukunci cewa bututun ƙasa ne ya toshe. Da ya gama da bututu sai ya shiga neman wanda ya toshe shi, kuma bai sha wahala ba, domin wata biyu ke nan da mahaifinsa ya dawo gidanmu da zama.

Baba yana da ciwon suga, da gyambo a ƙafar hagu wanda ya ƙi warkewa. Kullum da safe sai ya shiga banɗakin nan ya wanke shi, ya sa auduga, ya naɗe da sabon bandeji. Ga auduga, ga bandeji, ga masai ya lalace. Me kuma ake jira? Injiniya ya haɗa lissafinsa ya kawo mini a kicin, ni kuma, Allah Ya yafe mini, na gyaɗa kai. Har na ƙara masa gishiri, na ce ai ban taɓa ganin tsohon bandeji a kwandon shara ba sai jefi-jefi. Gaskiya ce, amma ban faɗi cewa ni ba leƙa kwandon nake yi ba.

Da aka tuntuɓi Baba, cikin ladabin nan na 'ya'yan zamani da ya fi zagi ciwo, sai ya ce shi bai taɓa jefa komai ba. Ya ce shi ma bai san masan yana da matsala ba, don shi ba ya jan hannun tankin, bai saba ba, bokiti yake cikawa ya sheƙa, kuma tafiya yake yi sumul. Injiniya ya dube ni da murmushin wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu. Daga baya ya fassara mini: ashe da bokiti tsohon yake danna bandejin cikin bututu da ƙarfi. Ka ji ilimi.

Aka sayo robar nan mai sanda ta buɗe masai, Injiniya ya yi ta dannawa har gumi ya jiƙa masa singileti. Babu canji. Aka zuba ruwan zafi da omo. Babu canji. Ya samo wata doguwar waya ya zura, ta fito tas, ko zare ɗaya babu a jikinta. Da wani ne, da sai ya ce to ko ba a nan matsalar take ba. Mijina kuwa cewa ya yi wannan ya nuna toshewar ta yi nisa sosai, sai an fasa ƙasa.

Kuma tunda za a fasa a gyara, a cewarsa, bai kamata a koma gidan jiya ba. Baba zai koma ɗakin bakin ƙofa, wanda muke tara tsofaffin katifu, ya riƙa amfani da tsohon masan tsugunno da ke bayansa. Mutumin da ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa, wanda sai ya dafa bango yake zama a kujera. Na san ba zai iya ba. Injiniya ma ya sani, amma ya ce za a kafa masa ƙarfe a bango ya riƙa kamawa, kamar wata alfarma. Abin da na lura da shi kawai, Baba ya rage shan ruwa, kuma abincin da nake kai masa rabi yake dawowa. Na tambaye shi ko ba ya jin daɗi ne, ya ce lafiya lau, 'yata, ciki ne ya tsufa. Na karɓi wannan amsar da sauri don ta fi mini sauƙi.

Ranar Asabar da hantsi birkila ya iso da guduma da kurfin fasa siminti. Kafin in gama shanya ya ɗaye tayil uku a gindin masan, Injiniya na tsaye a kansa yana nuna masa inda zai buga, don kada mutumin da ya shekara ashirin yana fasa ƙasa ya ɓata hanya. Ana cikin haka mai gyaran famfo ya yi sallama. Shi an kira shi ne kawai ya cire masan ya sa sabon bututu idan an gama fashin. Wani siririn dattijo ne mai furfura a gemu, da jakar kayan aiki da aka ɗinke hannunta da waya.

Ya leƙa, ya roƙi birkila ya ɗan dakata. Ya ɗaga murfin tanki, ya ga ruwa a cike har layinsa. Ya ja hannun, ya tsaya yana kallon kwanon kamar mai kallon talabijin. Sai ya tambaya ko ruwan yana tasowa sama idan an ja, kamar zai malalo, ko ana jin yana gurgura a rariyar wanka. Na ce a'a, bai taɓa ba. Injiniya ya yi mini wani kallo, wai na shiga maganar maza, sannan ya soma yi wa mutumin bayanin bandeji tun daga farko.

Mai gyaran famfo ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce a ba shi bokiti cike da ruwa. Bokitin Baba ne a kusa, shuɗin nan mai tsagaggen baki. Ya ɗaga shi ya sheƙa gaba ɗaya a lokaci guda. Masan ya yi wata irin zuƙa, ya haɗiye komai cikin ƙiftawar ido, har da takardar da ke ta yawo a ciki tun safe.

"Maigida, bututunka lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Da a toshe yake, ko rabi ne, ruwan nan tasowa zai yi ya tsaya yana kallonmu, sannan ya sauka a hankali. Hanyar fita a buɗe take. Hanyar shigowa ce ta toshe."

Ya ce in ara masa ƙaramin madubi. Na ɗauko na cikin jakata, na hoda. Ya durƙusa ya kara shi a ƙarƙashin leɓen kwanon, ya ce mu duba. Ni shekarata goma sha ɗaya ina wanke masan nan ban san akwai ƙananan ramuka jere a ƙarƙashin leɓensa ba. Ta nan ruwan tanki yake fesowa ya zagaye kwanon da ƙarfi, ta nan kuma yake sake cika shi bayan an ja. Duk sun toshe da wani farin abu mai tauri, irin wanda ke kamawa a gindin butar dafa ruwa, sai guda biyu a baya da suke ɗan numfashi. Ya ce wannan ba aikin wata biyu ba ne, shekaru ya yi yana taruwa, kuma daga ruwa yake. Ya tambaya wane ruwa muke amfani da shi.

Nan fa aka zo wajen. Bohol ɗin gidanmu shi ne abin alfaharin Injiniya a duniya. Shi ya zaɓi wurin, shi ya tsaya aka haƙa, kuma babu baƙon da zai zo gidan nan ya tafi ba a ba shi kofi guda ya ɗanɗana ya yaba ba. Maimakon ya kare ruwansa, sai ya shiga duba tayil ukun da aka ɗaye kamar yau ya fara ganinsu. Birkila ya mayar da gudumarsa cikin buhu a hankali, yana kallon silin.

Mai gyaran famfo ya lanƙwasa guntuwar waya ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana sakata, farin gari na zubowa. Ya ce in kawo ruwan kal, mai tsamin nan, daga kicin, ya ɗura ta bututun da ke tsaye a cikin tanki don ya gangara cikin leɓen ya jiƙa sauran, ya ce kada kowa ya ja sai bayan la'asar, kuma mu riƙa yin haka lokaci-lokaci muddin muna shan ruwan alfahari. Shi bai ce na alfahari ba, ni na ƙara. Duk aikin bai kai minti arba'in ba.

Bayan la'asar Injiniya da kansa ya ja. Ruwa ya feso ta ko'ina, ya yi juyi, ya tafi da ƙara, kwanon ya cika nan da nan. Ya ce dama shi ya yi zargin haka tun farko. Ni kam nawa laifin ya ishe ni. Na ce ya zo mu je mu gaya wa Baba babu inda zai koma. Ya ce in je ni kaɗai, ai magana ce ƙarama. Na tsaya na dube shi har sai da ya biyo ni.

Mun tarar da Baba a bakin gado, ya riga ya naɗe tabarmarsa ya ɗaure kayansa a jaka biyu, sandarsa a kan cinya. Injiniya ya fara kame-kame, wai an gano ashe wata 'yar matsala ce ta ruwa, an shawo kanta, ba sai an wahalar da kowa ba. Baba ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya sunkuya da ƙyar, ya jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin gado, an ƙulle bakinta tam, an sa ta cikin wata ledar. Ya ajiye ta a gaban ɗansa.

"Tun ranar da ka yi mini maganar nake tara bandejin," ya ce. "Na kwana ashirin da uku ne. Na ce ko da bayan na koma can masan ya sake toshewa, sai ka ƙirga ka gani."

Injiniya, wanda bai taɓa rasa bayani a kan komai ba, ya tsaya yana kallon ledar. Ni na durƙusa na fara kwance jakunkunan, don ban iya haɗa ido da tsohon ba. Ina cikin mayar da rigunansa durowa sai na ji ya kira ni a hankali.

"'Yata, in dai an gyara ɗin, ki ba ni ruwa in sha. Ki cika kofin."