Raunin da ke Ƙeyar Bakanike

Sajan ya ajiye takardar neman rahoto a kan teburin Likita, ya ce kotu na son sakamakon gwajin bakaniken nan kafin zama na gaba. Ya ƙara da cewa aikin ba wuya, tunda kowa a layin ya san mahauci ne ya sare shi da wuƙa. Ita dai ta rubuta, ta sa hannu, ta buga hatimi.

Likita ta ce to. Ba ta daɗe da fara aiki a ɗakin gaggawa ba, kuma ba ta taɓa rubuta wa kotu komai ba.

Ta tuna bakaniken sarai. Da rana aka kawo shi, rigar aikinsa jini da baƙin mai, matarsa na danne masa ƙeya da ɗankwalinta. Ya ce rigimar a kan kwatar ruwa ce: ruwan wanke inji daga garejinsa yana bi ta ƙarƙashin teburin mahauci, magana ta kawo magana, sai ya ga ƙarfe yana sheƙi a sama. Ya kare da hannu, ya juya zai gudu, ya ji abu a ka. Ita ta aske wurin, ta wanke, ta auna, ta ɗinke. Da ta gama, sai ya ba ta haƙurin ɓata mata farar riga. Tun ranar take jin tausayinsa.

Ta rubuta rahoton a ɗan ɗakin hutun likitoci, inda fanka ke kaɗa labule kawai. Sannan ta kai wa babban likitan sashen, wanda ma'aikata ke kira Jan Biro a bayan idonsa.

Ya karanta a tsaye, tabarau a kan hanci. Ya zo layi na uku a ƙarƙashin "abin da na gani" ya tsaya.

"Likita, ashe kina wurin?"

"Ina, Yallaɓai?"

"Wurin faɗan. Kin rubuta kin ga saran wuƙa da maƙwabcinsa ya yi masa. Wace riga maƙwabcin ya sa?"

Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke jera allurai a gefe, ta ƙunshe dariya. A hankali Likita ta ce haka mara lafiyan ya faɗa mata.

Jan Biro ya ja layi biyu ya raba takardar gida uku. Ya ce abin da mutum ya faɗa gidansa daban, kuma a rubuta shi da "ya ce". Abin da idonta ya gani, hannunta ya auna, gidansa daban, ba a shigo da wuƙa ko maƙwabci ciki. Ra'ayinta ya zo a ƙarshe, da dalilinsa, da iyakar inda saninta ya tsaya. Ya miƙa mata takardar ya ce ta je ta ɗauko bayanan da ta rubuta ranar, ta sake dubawa.

"Akwai mutum a tsare yana jiran wannan layin," in ji shi. "Da wuƙa da babu wuƙa, ba tuhuma ɗaya ba ce."

Ta ɗauko fayil ɗin ta zauna. Rubutunta ne, da zanen kai da ta yi a gefe. Rauni a ƙeya ta hagu, tsawon santimita huɗu. Bakinsa ba a miƙe yake ba, a yage yake, fatar gefensa ta kurje ta kumbura. A can ciki akwai siraran zaren nama da suka haɗa gefe da gefe ba su tsinke ba, gashi kuma ya cusu a ciki, ba a yanke ba. Hoton ƙashi bai nuna karaya ba.

Ta karanta sau biyu. Kaifi ba ya barin zaren nama, yanke su yake yi. Fatar kai a shimfiɗe take a kan ƙashi, in abu mai nauyi ya buge ta sai ta tsage, mai kallo daga nesa ya rantse yanka ne. Ta san wannan tun a makaranta. Amma da ta zo rubutu, muryar bakaniken ce ta fi ƙarfi a kunnenta.

Akwai sauran bayani a ƙasa. A bayan damtsen dama da kan kafaɗa, jini ya kwanta a layi biyu-biyu a jere, tsakaninsu fata ba ta canja ba, faɗin ɗan yatsa. Wannan ma ta auna.

Washegari matar bakaniken ta kawo mijinta wankin ciwo, ta tare Likita a baranda. Ta riƙe mata hannu biyu, ta ce Sajan ya gaya musu komai yana hannunta yanzu. Mutanen mahaucin suna yawo a layi suna cewa maigidanta faɗuwa ya yi a kan bakin kwata, ya ƙulla sharri. Yara ma sun fara tsokanar 'ya'yanta da shi.

"'Yar uwa, ke kika ga jinin. Ki gaya musu ba maƙaryaci ba ne."

Likita ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ce za ta rubuta abin da ta gani. Matar ta yi ta godiya, har da addu'a, kuma godiyar ta fi komai nauyi.

Ta sake rubuta rahoton. A gidan farko ta sa: ya ce an sare shi da wuƙa. A na biyu ta jera raunukan ɗaya-ɗaya, wuri da girma da launi da siffa. A na uku alƙalaminta ya tsaya. Ta rubuta "mai yiwuwa wuƙa", ta duba, ta soke. Sista ta leƙo ta ce, in ta ci gaba da cizon murfin biron nan, ita ma sai an yi mata rahoto. A ƙarshe ta rubuta cewa raunin ƙeya ya dace da bugun abu marar kaifi, bai dace da yankan kaifi ba; shi kaɗai ba zai nuna ko duka ne ko faɗuwa ba. Layukan damtse da kafaɗa kuwa sun dace da dukan abu siriri mai tsawo kamar sanda, kuma da wuya faɗuwa ta haifar da su. Gwajin jiki ba ya nuna wanda ya yi.

Jan Biro ya karanta, ya gyara mata kwanan wata, ya mayar da bironsa aljihu. Sajan da ya zo karɓa ya ja tsaki, ya ce ta kwance musu ƙara. A kwanakin da suka biyo baya, ko abinci ta sa a gaba sai ta ga fuskar matar.

Ranar zama, ɗakin kotu ya cika da warin gumi da tsohuwar takarda. Mahaucin na cikin akwatin waɗanda ake tuhuma, dattijo ne, ya rame, hularsa a hannu yana murzawa. Ba ta taɓa ganinsa ba. Ta yi zaton ƙato ne. Bakaniken na benci na biyu da matarsa, wurin askin bai gama cikowa ba.

Aka rantsar da ita. Mai Shari'a ta ce ta ɗaga murya, na baya ba sa ji. Da mai gabatar da ƙara ya sa ta karanta ra'ayinta, ta kai kan "bai dace da yankan kaifi ba", sai ta ji an ja numfashi a benci na biyu. Ba ta waiga ba.

Lauyan mahaucin ya miƙe da murmushi. Ya yaba mata, ya ce irinta ake so. Sannan ya tambaya ko mutum zai iya samun irin raunin ƙeyar nan in ya faɗi ta baya a kan siminti. Ta ce zai iya.

"Ke nan, Likita, faɗuwa ya yi."

"Ban ce haka ba."

"Amma kin yarda babu wuƙa."

"Na ce raunin ba na kaifi ba ne. Abin da ke hannun wani a ranar, ban gani ba."

Ya ce to layukan damtsen fa, ai mai faɗuwa yana iya gogar wani abu. Ta yi bayani cewa in sanda ta sauka a jiki, jini yakan tsere zuwa gefe biyu, tsakiya ta zauna fari. Irin wannan ta gani a wuri biyu, bayan damtse da kan kafaɗa, kuma faɗuwa ɗaya da wuya ta bar su duka. Ya sake juya tambayar ta wata fuska, ta ba shi amsa iri ɗaya, da kalmomi iri ɗaya, don ba ta da wasu.

Mai Shari'a ta sa aka buɗe kayan da 'yan sanda suka kwaso daga teburin mahaucin. Wuƙaƙe ne, da ɗan gatari, da wani zagayayyen ƙarfe mai mariƙi, wanda mahauta ke wasa wuƙa da shi. Yawan gogawa ya sa yana sheƙi. Ta sa aka miƙa wa Likita, ta tambaya ko wannan zai iya barin irin layukan.

Likita ta nemi abin awo, ta gwada kaurinsa.

"Zai iya, Ya Mai Shari'a. Raunin ƙeyar ma zai iya. Amma wani abu mai siffarsa ma zai iya. Ba zan ce shi ne ba."

Mahaucin ya daina murza hular. Ya kalli ƙarfen, ya sunkuyar da kai, ya yi wa lauyansa alama da hannu. Aka ɗan dakatar da zaman. Da aka dawo, lauyan ya ce wanda yake karewa ya amsa cewa ya yi duka da ƙarfen wasa wuƙa, yana cikin wasawa rigimar ta same shi, amma bai ɗaga wuƙa ba. Mai gabatar da ƙara ya nemi a gyara tuhumar, a cire sara da wuƙa a bar duka da jin rauni. Mai Shari'a ta amince, ta sa ranar yanke hukunci, ta sallami Likita.

A bakin matakala ta ci karo da su. Matar ta kau da kai, ta gyara mayafi ta wuce gaba. Bakaniken ya tsaya, yana shafa ƙeyarsa.

"Wallahi, Likita, na ɗauka wuƙa ce."

"Na sani. Haka na rubuta ka ce."

Sannan ya ce wurin yana masa ƙaiƙayi in ya yi gumi. Ta ce ya ɗan sunkuyo. Ta duba tabon a hasken rana, ta ce ya haɗe da kyau, ya daina sosawa da hannun baƙin mai. Daga ƙasa matarsa ta kira shi, ya sauka ya bi ta.