Galan Talatin Zuwa Kano

Kallamu ne ya yi alkawarin da bakinsa, ba wanda ya roƙe shi. Shekara takwas ke nan da dawowarsa Anacha bayan yaƙin basasa, ya yi tuƙin motocin wasu har ya gaji, sai bana Allah ya ba shi bas tasa ta kansa, mai kujera goma sha biyar. Da ya ji maniyyatan unguwar Fegge za su tashi ta Kano, sai ya samu Alhaji Gimba, wakilin Hausawan unguwar, ya ce shi zai kai su, kuɗin mai kawai za su biya. Ladan tuƙi da cin taya da baƙin mai, duk ya bar wa Allah.

Ran Juma'a, ana sallame salla, Alhaji Gimba ya miƙe ya sanar cewa kowane maniyyaci zai kawo sule takwas, wato kwabo tamanin, kuɗin mai har Kano. Aka yi ta sa albarka. Kallamu yana sahu na uku, ya zaci kunnensa ne. Ya bari jama'a ta fara fita, ya durƙusa gefen Alhaji.

"Ranka ya daɗe, a ina aka samo sule takwas?"

"A lissafi. Ba galan talatin ka ce mini ba? Galan sule huɗu, naira goma sha biyu ke nan. Raba wa kujera goma sha biyar."

"Alhaji, sule huɗu farashin da ne. Tun farkon watan nan gwamnati ta ƙara, galan ya koma sule bakwai. Talatin ɗin nan naira ashirin da ɗaya ce, kuma zuwa ne kaɗai. Ni ma fa sai na dawo."

"Ka ɗebo fasinja."

"Ba ni da layi a tashar Kano, 'yan kamasho ba za su bar ni in yi lodi ba. Ga Salla ta matso, kowa Arewa ya nufa, wa zai gangaro Kudu? In na tsinci wani a hanya, zan dawo muku da abin da ya biya. Zuwa da dawowa naira arba'in da biyu. Sannan masu biya goma sha biyu ne. Kai ba ka biya, Liman ba ya biya, ka kuma ce a bar wa akwatinka kujera guda. Kowa naira uku da sule biyar, sannan na tashi ba riba ba faɗuwa."

Da a soro aka yi maganar, da ƙila ta mutu a nan. Amma mutane sun fara dawowa suna kasa kunne, Alhaji kuwa bai saba a gyara masa lissafi a gaban jama'a ba. Ya ɗaga murya.

"Jama'a kun ji? Wanda ya ce don Allah zai yi. Daga sule takwas ya kai mu naira uku da rabi. Direba dai direba ne, ko a kan baƙin Allah sai ya ci."

Ba wanda ya kare shi. Wannan ya fi maganar yi wa Kallamu ciwo. Kuɗin mota zuwa Kano a tasha naira goma sha biyu ne, kowa ya sani. Mutanen da suka biya ɗaruruwan naira na kujerar Makka, su ne ake ce masa ya cuta a kan naira uku da rabi. Washegari a tashar Head Bridge, inda yake lodin Enugu, wani mai albasa ya ce masa, "Sannu mai cin alhazai." Da wasa ya faɗa, amma masu dako har sun ɗauka.

Matarsa Sa'a ta ce ya fasa tafiyar. Ya ce in ya fasa, sunan ya zauna ke nan. Da la'asar ya koma wurin Alhaji Gimba, ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya ce, "Na yarda da sule takwas. Sharaɗi ɗaya: kwabo ba zai shiga hannuna ba. Kai za ka riƙe kuɗin, kai za ka biya a kowane gidan mai."

"Ai haka ya fi," in ji Alhaji. "Sai mu ga inda sauran ke shiga."

Ranar tafiya bayan asuba aka ɗaure kaya a saman mota: garin rogo, manja, yaji, tabarmi, butoci. Akwatin Alhaji na ƙarfe ya hau kujerarsa a bayan direba. Kusa da shi Hajaratu ta zauna, dattijuwa mai tuwo a Head Bridge, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana tara kuɗin wannan tafiya. Ta dubi akwatin ta ce, "Sannu maƙwabci. Kai ka biya?" Aka yi dariya, ban da Alhaji.

A gidan mai Kallamu ya nuna wa kowa allurar mai tana ƙasa, ya ce a cika. Tankin ya sha galan goma sha biyu. Mai sayarwa ya ce naira takwas da sule huɗu. Alhaji ya leƙa famfon, ya sake leƙawa, ya biya daga cikin naira tara da sule shida da mutum goma sha biyu suka tara.

"To, ƙarin gaskiya ne," ya ce. "Amma wannan tankin, in an tuƙa da tsoron Allah, zai kai mu Jos."

Kallamu ya tada mota. Hajaratu ta kwance bakin zanenta ta ƙirga ƙwayar gyaɗa goma sha biyu, ta ɗaure su daban.

Suka wuce ta gefen Enugu suka miƙa arewa. Kallamu ya tuƙa a hankali fiye da yadda ya saba, don kada a ce ƙafarsa ce ke shan man. Ya san motarsa: da kaya irin wannan, galan ɗaya mil ashirin ne da ɗan abu, Kano kuwa mil ɗari shida ce da 'yan kai. Duk hawan da ya sauya giya, sai ya ji Alhaji ya yi gyaran murya.

Suna shiga Makurdi allura ta kwanta. Ya tsaya a gidan mai, ya kashe mota, ya ɗora hannu a kan sitiyari.

"Alhaji, mai."

"Tun yanzu?"

"Ga allura. In ba ka yarda da ita ba, ga sanda, a zura a tanki."

Alhaji ya zura da kansa. Bakin sandar kaɗai ya jiƙe. Abin da ya rage a jaka naira ɗaya da sule biyu ne, ko galan biyu ba zai saya ba, ga shi ko rabin hanya ba a yi ba. Ya juya wajen fasinja ya ce ko za a ɗan ƙara wani abu.

"A'a, Alhaji," in ji Hajaratu. "A masallaci ka ce sule takwas har Kano. Mu mun biya har Kano."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Alhaji ya ɗaga riga ya kwance lalitarsa. Haka ya yi a Jos da suka kwana, haka ya sake yi a Saminaka, kowane karo yana ƙunƙuni a kan gwamnati, a kan hanya, a kan motocin zamani masu shan mai. Sunan Kallamu ne kawai bai ambata ba. Hajaratu kuwa tana ta ƙara gyaɗa.

A ƙofar sansanin alhazai na Kano, ana sauke kaya, ta shimfiɗa bakin zanenta a kan bonet ta ce kowa ya matso ya ƙirga. Ƙwaya talatin cif, kowace ƙwaya galan guda.

"Ni ban yi boko ba," ta ce, "amma na san tukunya ba ta cika da rabin mudu. Yaron nan da me zai koma? Ba zan hau jirgi da hakkinsa a wuyana ba. Kallamu, nawa ya rage a kan kowa?"

"Naira biyu da sule bakwai, Inna."

Ba musu kowa ya miƙa. Aka tara naira talatin da biyu da sule huɗu. Hajaratu ta ware goma sha ɗaya da sule huɗu ta mayar wa Alhaji abin da ya fitar daga lalitarsa, ta damƙa wa Kallamu ashirin da ɗaya na komawa. Sannan ta daki akwatin ƙarfe da tafin hannu. "Kai dai ka zo a ɓagas."

Daga nan aka shiga yafe wa juna, kamar yadda masu tafiya Makka ke yi. Alhaji Gimba ya miƙo wa Kallamu hannu, idonsa na wani wuri.

"To direba, a yafe mu. Abin da ya wuce ya wuce."

Kallamu ya karɓi hannun da hannu biyu, amma bai ce ya yafe ba.

"Ranka ya daɗe, tuƙi na yafe, taya na yafe. Amma maganar ba a nan ka yi ta ba. Mutum goma sha uku ne suka ga gyaɗar Inna, duk kuma jirgi za su hau. Ni zan koma in tarar da mutum ɗari biyu da suka ji ka ce na ci kuɗin baƙin Allah. Gobe da wane suna zan yi lodi?"

"In na dawo sai a gyara."

"Wa ya ba ka tabbacin dawowa, Alhaji?" Liman ne ya yi maganar, karo na farko tun daga Anacha. "Nemo takarda."

A kan bonet Alhaji ya rubuta, da ajami, zuwa ga Malam Awwalu, na'ibin Liman a Fegge. Ya so ya tsaya a kan cewa mai ya yi tsada. Liman ya karanta ya mayar masa, sai da ya ƙara cewa lissafin Kallamu ne daidai, shi ya yi kuskure, kuma abin da ya faɗa a kansa ba gaskiya ba ne. Liman ya sa hannu a ƙasa. Sannan Kallamu ya ce, "Na yafe. Allah ya karɓi ibada."

Ya koma da kujeru goma sha biyar babu kowa, sai wani soja da ya tsinta a Lafiya ya sauke a Makurdi a kan naira ɗaya. Ya isa Fegge ran Laraba, ya kai wa Malam Awwalu takardar, da nairar sojan, ya ce a ajiye wa alhazai. Malam Awwalu ya karanta, ya ce gobe bayan asuba zai sanar.

"Mutum nawa ke zuwa asuba, Malam?"

"To, akan samu bakwai, takwas. Ka san Alhaji babba ne, a rufa masa asiri."

"Ni da aka tona nawa, ran Juma'a ne."

Kallamu ya miƙa hannu ya karɓe takardar, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Ya ce zai kawo ta jibi Juma'a da kansa, kuma a sahun farko zai zauna.